Yadda Ake Tsara Layin Awo da Kwadarat a Busasshen Filin Kiwo, da Yadda Ake Kafa Hujjar Yawan Samfur

Ciyawar busasshen filin kiwo ba ta fitowa shimfiɗe bai ɗaya. Tana taruwa a inda ruwan sama ya tsaya, a ƙarƙashin inuwar itace da gefen kwari, sai a yi taku goma a tarar da faƙo wanda ko haki ɗaya babu a kansa. Wannan rarrabuwar ita ce ke sa mutum biyu su auna fili guda a mako guda, ɗaya ya ce akwai kilo 500 na busasshiyar ciyawa a kowace hekta, ɗaya ya ce 1,200, alhali babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Abin da ya raba su shi ne inda kowa ya ajiye firam ɗinsa da kuma abin da ya ƙirga a matsayin samfur ɗaya. A nan za mu bi aiki guda daga farko zuwa ƙarshe, wato kimanta nauyin busasshiyar ciyawa tare da yawan rufin ƙasa, ta hanyar jera kwadarat, wato firam ɗin awo da aka san faɗinsa, a kan layukan awo. Alƙaluman da za su biyo baya na misali ne, an tsara su domin a ga yadda lissafin ke tafiya.

Rubuta tambayar kafin a taɓa tef

Matakin farko shi ne a rubuta manufar aikin a jimla ɗaya mai ɗauke da abubuwa huɗu: abin da za a auna, iyakar wurin, lokacin awon, da girman kuskuren da za a iya jurewa. Ga tamu: muna son sanin matsakaicin nauyin busasshiyar ciyawa a fili mai hekta 600 a ƙarshen damina, da kuskuren da bai wuce kashi 20 cikin 100 na matsakaicin ba, bisa tabbacin kashi 95 cikin 100. Duk wata shawara da za a yanke nan gaba, daga girman firam zuwa yawan kwanakin aiki, daga wannan jimlar take fitowa, kuma wanda bai rubuta ta ba ba shi da abin da zai kafa hujjar yawan samfurinsa a kai.

Lokacin awo yana da nauyi ƙwarai. Ciyawa mai shekara ɗaya tana kai ƙololuwar nauyinta ne lokacin da take fitar da kai tana zuba 'ya'ya, daga nan sai ta fara karyewa, iska da gara da kofaton dabbobi su rage ta. Idan aikin ya ɗauki wata biyu, layukan da aka auna a ƙarshe za su nuna ƙarancin da ba na wurin ba ne, na jinkiri ne. Saboda haka a tsara aikin ya ƙare cikin mako biyu ko uku, kuma kada a gama shiyya ɗaya kakaf kafin a shiga wata. A riƙa cuɗanya su cikin kwanakin.

Raba filin gida-gida

A zagaya filin da ƙafa tare da taswira ko hoton tauraron ɗan'adam, a raba shi zuwa shiyyoyin da cikinsu ya yi kama da juna. Abubuwa biyu ne suka fi raba ciyawa a irin wannan ƙasa: yanayin ƙasar da nisa daga mashaya. Dabbobi suna fita daga ruwa su koma ruwa, don haka kewayen mashaya yakan zama tattakakke, ciyawa na ƙaruwa yayin da ake nisa da shi. A misalinmu an sami shiyya uku: jigawa mai yashi hekta 360, fadama hekta 150, da kewayen mashaya hekta 90. Amfanin rabon shi ne bambancin da ke tsakanin fadama da jigawa ya fita daga cikin kuskuren lissafi, domin kowace shiyya za a fitar mata da matsakaicinta, sannan a haɗa su gwargwadon faɗinsu, wato kashi 60, kashi 25 da kashi 15. Shiyya uku ko huɗu sun isa. Wanda ya yanka fili gida goma zai ƙare da layi biyu a kowane gida, kuma layi biyu ba sa nuna warwatsuwa yadda za a dogara da ita.

Firam da layi

Kwadarat firam ne na ƙarfe, katako ko bututun roba wanda aka san faɗinsa. Ga ciyawar da ta cika ƙasa, firam mai rabin mita a kowane gefe yana wadatarwa, amma a wuri mai tsiro jefi-jefi ƙaramin firam yakan faɗa a kan faƙo sau da yawa, sai littafin awo ya cika da sifili, ɗaya ko biyu kuma su zo da nauyi mai yawa. Ƙa'idar da nake bi ita ce, idan fiye da ɗaya cikin biyar na firam ɗin gwaji sun fito babu komai, a ƙara girma. Murabba'in mita ɗaya ya fi dacewa da yawancin busassun filaye, kuma na fi son mai tsawo, rabin mita da mita biyu, a kan mai gefe daidai, domin dogon firam yana ratsa tarin ciyawa da faƙo a lokaci guda, sai bambanci tsakanin wannan firam da wancan ya ragu. Illarsa ita ce gefensa ya fi yawa, kuma a gefe ake yin kuskuren abin da ke ciki da abin da ke waje. Maganin wannan shi ne doka ɗaya ga dukan ma'aikata: tsiron da tushensa ke cikin firam shi ake yanka, wanda tushensa ke waje ana ture ganyensa waje, wanda kuma ya hau kan layin gefe ana ɗaukarsa a gefe biyu da aka ayyana tun farko, a bar shi a sauran biyun.

Layin awo tef ne mai mita 100 da ake ja a miƙe tsakanin fegi biyu, kusa da ƙasa gwargwadon iko. A kan sa ake yin aiki iri biyu. Rufin ƙananan itatuwa ana auna shi da hanyar ratsa layi, wadda Canfield ya bayyana a 1941: ana rubuta inda rassan kowane itace suka fara rufe tef da inda suka ƙare, a haɗa tsawon, a raba da tsawon layin. Idan jimlar ta kai mita 7.5 a layi mai mita 100, rufin kashi 7.5 ne. Rufin ciyawa da tsiraicin ƙasa kuwa ana auna su da siririn ƙarfe da ake saukewa a tsaye a kowace mita, a rubuta abin da bakinsa ya taɓa. Wannan ya fi kimantawa da ido, domin ido yana ƙara wa ciyawa mai kore, kuma ma'aikata biyu ba safai suke ba da kaso ɗaya ga firam guda ba. A gama karatun rufi kafin a fara yanka, kuma a riƙa tafiya a gefe ɗaya na tef, a ajiye firam a ɗaya gefen, don kada a tattake abin da za a auna.

Inda layi zai faɗa

Jefa firam ta bayan kafaɗa ba zaɓen ƙuri'a ba ne. Ƙafar mai jifa ta riga ta kai shi inda ya fi sauƙin tafiya, kuma hannunsa yana guje wa ƙaya. Hanyar da ta inganta ita ce a fitar da wuraren farawa tun ana ofis, a zana murabba'i ya kewaye shiyyar a taswira, a sa kwamfuta ta ba da lambobin gabas da arewa, a jefar da waɗanda suka faɗa wajen shiyyar. A maƙunsar lissafi, inda A1 da B1 ke ɗauke da iyakokin biyu:

```
=RANDBETWEEN(A1,B1)
```

A kwafe lambobin a daskarar da su, domin suna canzawa duk lokacin da aka taɓa shafin, sannan a loda su cikin na'urar GPS. Alƙiblar layi ma ana iya fitar da ita da ƙuri'a tsakanin digiri 0 da 359, amma a ƙasa mai gangare ya fi kyau duk layukan su bi gangaren, su ratsa sauyin ciyawa daga sama zuwa ƙasa, ta yadda kowane layi zai ɗebi bambancin a cikinsa, layukan kuma su yi kama da juna. A rubuta dokar sauya wuri kafin a fita: idan wurin farawa ya faɗa a kan hanya ko cikin tafki, a ɗauki lamba ta gaba a jerin. Faƙo da suri da wurin da aka cinye ƙurmus ba dalilin sauyawa ba ne, domin su ma ɓangaren filin ne, kuma tsallake su shi ne hanya mafi sauri ta ƙara wa fili ciyawar da ba shi da ita.

A kan kowane layi, firam na farko yana sauka a wata mita da ƙuri'a ta ba da, sauran su biyo da tazara ɗaya. Ana yanka ciyawar a tsayi guda, a zuba a jakar takarda mai lamba, domin jakar leda tana riƙe laima ta sa ruɓa. Ana busarwa a zafin digiri 60 zuwa 70 na tsawon awa 48, ko har nauyin ya daina raguwa. Giram ɗaya a murabba'in mita daidai yake da kilo goma a hekta.

Layi ne samfur, ba firam ba

Wannan shi ne wurin da rahotanni da yawa ke tuntuɓe. Firam goma da ke jere a kan layi ɗaya ba shaidu goma ba ne masu zaman kansu, domin ƙasa ɗaya suke kai, ruwa ɗaya ya sauka musu, garke ɗaya ya bi ta kansu. Abin da ƙuri'a ta zaɓa shi ne layin, don haka layin ne samfur, kuma matsakaicin firam ɗinsa shi ne lamba ɗaya da ke shiga lissafi. Hurlbert ya yi dogon bayani a 1984 kan wannan kuskure na ƙirga awon da ba su da 'yanci da juna a matsayin maimaici na gaskiya. Haka abin yake ga ɗigo ɗari na siririn ƙarfe: suna ba da kaso ɗaya ne na layin.

Bari mu gani a lambobi. An yi gwajin share fage a jigawa da layi 8, kowanne da firam 10. Matsakaitan layukan, da giram a murabba'in mita, su ne 60, 95, 45, 105, 75, 120, 55 da 85. Jimlarsu 640, matsakaici 80, wato kilo 800 a hekta. Ma'aunin warwatsuwarsu, wanda ake rubutawa da harafin s, ya kama 26. Iyakar kuskure ana samunta ne idan aka ninka s da lambar t, wadda ake samu a teburin ƙididdiga gwargwadon yawan layuka da tabbacin da ake nema, aka raba da tushen murabba'in yawan layuka. Ga layi 8, lambar t ita ce 2.365, sai kuskuren ya fito kusan 22. Ma'ana, abin da gwajin ya iya cewa shi ne matsakaicin yana tsakanin 58 da 102, kuskuren kashi 27 ke nan, bai kai abin da muka nema ba. To da a ce an ɗauki firam 80 ɗin a matsayin samfur 80, warwatsuwarsu 46 ce, kuma lissafin zai ba da kuskuren 10 kacal. Rahoton zai yi kyau a ido, amma tabbacin da ke cikinsa ya ninka na gaskiya fiye da sau biyu, kuma wanda zai yanke yawan dabbobin da filin zai ɗauka a kan wannan lamba an yaudare shi.

Lissafin yawan layuka

```
n = (t * s / E)^2
=STDEV.S(B2:B9)
=T.INV.2T(0.05, C1-1)
```

Harafin n shi ne yawan layuka. A maƙunsar lissafi, B2 zuwa B9 ke ɗauke da matsakaitan layukan da ake fitar da s daga cikinsu, C1 kuma ke ɗauke da n ɗin da ake neman lambar t ɗinsa. Harafin E shi ne kuskuren da aka amince da shi, kashi 20 na 80, wato 16. Tunda lambar t ta dogara da n ɗin da muke nema, ana farawa da 2, sai a maimaita. Da 2, amsar ta fito 10.6, a ce 11. Lambar t ta layi 11 ita ce 2.228, wadda ta ba da 13.1, a ce 14. Ta layi 14 ita ce 2.160, ta ba da 12.3, a ce 13. Ta layi 13 ita ce 2.179, ta ba da 12.5, wanda ya sake komawa 13, don haka lissafin ya zauna a 13. Wanda ya tsaya a zagayen farko ya rage wa kansa layi biyu, kuma a ƙaramin samfur wannan ba ƙaramin rashi ba ne.

Yana da kyau a lissafa wasu matakan ma a ajiye a gefe. Kuskuren kashi 15 yana buƙatar layi 21, na kashi 10 kuma kusan 44. Rage kuskure zuwa rabi yana ninka aiki kusan sau huɗu, shi ya sa kashi 10 da mutane ke son rubutawa ba safai ake cim masa a busasshen fili ba. A ganina gara a nemi kashi 20 a same shi da gaske. Lura kuma cewa faɗin shiyyar bai shiga lissafin ba ko kaɗan. Maganar da ake yawan ji ta cewa a auna kashi ɗaya ko kashi biyar na filin ba ta da tushe a nan. Warwatsuwa ce ke yanke yawan samfur, kuma gyaran da ake yi saboda ƙarancin fili ba ya tasiri sai samfurin ya wuce kusan kashi 5 na wurin duka, abin da layukanmu ba su ko kusanta ba.

Sai tambaya ta biyu, wadda ta fi ceton lokaci: firam nawa ya kamata a sa a kowane layi? Warwatsuwar matsakaitan layuka tana da tushe biyu, bambancin wuri da wuri, da kuma bambancin firam da firam a cikin layi guda. A gwajinmu murabba'in s ya kama 679. Warwatsuwar firam a cikin layi guda ta kama 40, murabba'inta 1,600, kuma idan aka raba da firam 10 sai ta zama 160. Ragowar 519 na bambancin wuri da wuri ne, wanda ƙarin firam ba ya taɓa shi. Idan aka ninka firam zuwa 20, jimlar za ta sauka daga 679 zuwa 599 kawai, bayan an ninka wahalar yanka da busarwa. Idan aka rage su zuwa 5, za ta hau 839, wato s ya zama 29. Akwai ƙa'idar da ke haɗa wannan da lokacin aiki:

```
m = sqrt((c1 / c2) * (sw^2 / sb^2))
```

A nan m yawan firam ne a kowane layi, c1 lokacin isa wuri da kafa layi ne, a ce minti 60, c2 kuma lokacin firam ɗaya, a ce minti 8, sannan sw^2 shi ne 1,600 na cikin layi, sb^2 kuma 519 na wuri da wuri. Amsar ta fito 4.8, wato firam 5. Da s na 29, lissafin baya yana ba da layi 16. Kwatanta su: layi 13 masu firam 10 suna cin minti 1,820 da jaka 130, layi 16 masu firam 5 kuma minti 1,600 da jaka 80, kuma ingancin amsar ɗaya ne. Inda tafiya ke da wuya ƙwarai, c1 zai hau, ƙa'idar kuma za ta ba da ƙarin firam, don haka a auna lokacin da agogo yayin gwajin, kada a ƙiyasta shi.

Lambar 16 ba ita ce ta ƙarshe ba, domin s ɗin da ta fito daga layi 8 ita kanta kimantawa ce, tana iya zama ƙasa da gaskiya, kuma wasu jakunkuna za su ɓace ko lambarsu ta goge. Na kan ƙara kusan kashi ɗaya cikin huɗu, a nan layi 20. Haka za a yi wa fadama da kewayen mashaya, kowace da nata gwajin, a ba da layuka masu yawa ga shiyyar da ta fi faɗi kuma ta fi warwatsuwa, amma kada wata ta gaza biyar ko shida. A kewayen mashaya matsakaici yakan yi ƙasa sosai, ta yadda kashi 20 ɗinsa giram kaɗan ne, sai lissafi ya nemi layuka masu yawan da ba su da amfani. A irin wannan shiyya a ayyana kuskuren da giram kai tsaye. Yayin da aikin ke tafiya, a riƙa sake lissafa matsakaici da kuskure bayan kowane layi biyar. Idan layi ɗaya ya zo ya ɗaga matsakaicin da yawa, alama ce ta cewa akwai wani nau'in wuri a cikin shiyyar da rabon farko bai ware ba.

Idan manufar ta koma gano canji tsakanin shekara da shekara, wannan lissafin bai isa ba. Domin a gano bambancin giram 20 da tabbacin kashi 95, da kuma damar kashi 80 ta ganinsa in yana nan, sababbin layuka a kowace shekara za su kai kusan 33. Idan aka kafa fegin ƙarfe na dindindin ana komawa layukan nan dai, kuma awon shekarun biyu ya yi dangantakar 0.7, buƙatar tana sauka zuwa kusan 12, domin kowane layi da kansa ake kwatanta shi. Sharaɗin shi ne a gusar da firam ɗin yanka 'yan mitoci kowace shekara, kada a sake yanke inda aka yanka bara.

Yadda ake rubuta hujjar

Mai duba rahoto yana neman ya ga lambobin da zai iya sake lissafawa da kansa, don haka sakin layin hujja ya ƙunshi samfur, tushen s, kuskuren da aka nema da ƙarin da aka yi. Ga yadda namu zai kasance: "Layin awo mai mita 100 shi ne samfur, kuma an zaɓi wurin farawarsa da ƙuri'a a cikin kowace shiyya. Gwajin share fage na layi 8 masu firam 10 a jigawa ya ba da matsakaicin giram 80 a murabba'in mita da warwatsuwar 26 tsakanin layuka. Rabon warwatsuwar da lokacin aiki sun nuna firam 5 a kowane layi sun fi dacewa, inda ake sa ran warwatsuwar ta kai 29. Domin samun kuskuren da bai wuce kashi 20 ba bisa tabbacin kashi 95 ana buƙatar layi 16, an ƙara zuwa 20 saboda ƙarancin gwajin da yiwuwar asarar jakunkuna." Bayan an kammala awo, a ƙara jimla ɗaya da ke faɗin kuskuren da aka samu a zahiri daga layuka 20 ɗin, ko ya kai kashi 20 ko ya wuce, tare da ranar da aka fara yanka da ranar da aka gama.